Sanarwa kan sarin masara

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da kaka.

Za mu zauna ranar Asabar bayan La'asar, inda muka saba a Tudun Wada, kan sarin masara kafin kuɗinta ya tashi. Kowa ya zo da nasa kason a hannu, don ranar Alhamis masu zuwa kasuwar Giwa za su tashi da sassafe.

Masu saye, don Allah ku ciji ƙwayar. In ba ta fashe ƙaras ba, da sauran danshi, kuma a buhu fumfuna za ta yi kafin bazara. Kada araha ta ruɗe mu.

Ba duka kuɗin za mu zuba ba. Za mu ware na yadin yunifom da littattafan rubutu, tunda makarantu na komawa a Janairu.

Wanda uzuri zai hana, ya sanar da ma'aji kafin Juma'a.

Allah ya sa albarka, a gaida iyali.