Zuwa ga Mai Tambaya a kan Tutar Lasman

"Malam, kai da ka daɗe kana riƙe tuta, me ya sa wani lokaci lasman zai ɗaga tuta amma alƙalin wasa ya ƙi hura usur? Kuma me ya sa ƙwallo za ta fita, ya tsaya yana kallon alƙali kafin ya nuna? Rashin sanin aiki ne ko tsoro?"

Ɗan'uwa, assalamu alaikum.

Tuta ba ta tsayar da wasa, usur ne yake tsayarwa. Abin da muke yi a bakin layi shawara ce, alƙali ya ɗauka ko ya bari. Tun 1996 hukumar IFAB mai tsara dokokin ƙwallo ta sauya mana suna zuwa mataimakan alƙalin wasa, ko da yake har gobe a filayenmu lasman ake kiranmu, musamman idan za a zage mu.

Fara da jifa. Idan ƙwallo ta tsallake layi gaba ɗayanta a kusa da ni, kuma na ga wanda ya taɓa ta a ƙarshe, ba na jiran kowa. Sai in karkata tuta sama zuwa ɓangaren da masu jifar suke kai hari. Amma ni rabin layi kawai nake bi, alƙali kuma yana ratsa fili a karkace daga wannan kusurwa zuwa waccan don ya kula da inda ba mu kaiwa. To idan ta fita can nesa kuma ina shakka, sai in miƙe tuta sama tsaye, ma'ana ta fita, in haɗa ido da shi, in bi inda ya nuna. Wannan kallon da ka ɗauka tsoro ne, shi ke hana ni in nuna gabas shi ya nuna yamma a gaban 'yan kallo. Kwana ma haka take: a gefena, sai in sunkuyar da tuta in nuna tutar kusurwa, in kuwa bugun gola ne in miƙe hannu sambal zuwa gaban raga. A wancan gefen, shi nake bi.

Keta ce mai wuya. Kafin in ɗaga sai na tabbatar da abu biyu: alƙali bai gani ba ko an tare masa, kuma da ya gani ba zai bar wasa ya ci gaba don amfanin wanda aka yi wa ketar ba. Sannan in ɗaga da hannun da zan nuna bugun da shi, in ɗan kaɗa ta kaɗan, ba kamar mai korar kaji ba. Daga ganin hannun ya san wa aka yi wa laifi. Idan tutar tana ɗaya hannun, a ƙasa da ƙugu ake sauya ta kafin a ɗaga, ba a saman kai ba.

Na koyi wannan ne da kunya. A wani wasan unguwanni, ɗan baya ya ja rigar ɗan gaba a gabana, taku kaɗan daga yadi na 18. Nan take na ɗaga. Ashe yaron ya fizge, ya miƙa wa abokinsa da ba kowa a gabansa sai gola. Alƙali ya ga komai, ya ɗaga mini hannu alamar in sauke, wasa ya ci gaba, aka zura ƙwallo. 'Yan bayan da suka tsaya saboda tutata suka yo kaina. Ƙwallon ta ciyu, domin doka ba ta ce a tsaya don tuta ba, amma gaggawata ce ta jawo rigimar. Da na jira daƙiƙa biyu da ba wanda ya san na ga wani abu.

Sai ka lura da ƙafafun lasman idan an kayar da ɗan wasa dab da layin yadi na 18. A nan ido ya fara haɗawa da alƙali. In alƙali bai yi komai ba kuma shi ya tabbata a ciki ne, zai ɗaga tuta ya nufi kusurwa, wato fenariti. In a waje ne, zai matsa zuwa tsakiyar fili, wato bugun tazara. A manyan wasanni akwai maɓalli a jikin sandar tuta da ke ankarar da alƙali, ga na'urar magana a kunne. Mu da ba mu da su, kafin a take wasa muke zama da alƙali ya faɗa mana iya inda yake so mu sa baki, kuma wani alƙalin zai ce maka cikin yadi na 18 kada ka ɗaga sai ya dube ka.

Wassalam,
Naka, tsohon mai riƙe tuta.