Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2025

Assalamu alaikum, iyayen ƙungiya, shugabanni da sauran 'yan'uwa maza da mata.

Tarukan wata-wata sun gudana yadda aka saba, in ban da na tsakiyar damina da aka ɗage saboda aikin gona.

Zan fara da kuɗin wata, domin a kansa komai ya rataya. Waɗanda suka biya na shekara cif ba su kai rabinmu ba. Akwai waɗanda tun bayan Sallah ƙarama ba a sake ganin ko sisinsu ba, amma ranar da aka ji raɗe-raɗin za a raba taki su ne a sahun gaba, har da neman kujera. Na kira a waya, na aika saƙo, wasu na taka har ƙofar gida. Ba albashi ake biyana ba, ni ma ina da gona da iyali. Saboda haka in an ji wani aiki bai ƙarasa ba, a fara duba littafin ma'aji kafin a tambayi kwamiti.

Babban aikin bana shi ne wanda babban taro ya ɗora mana bara, wato bin sawun buhun masara daga gona har zuwa kwanon mai awo a cikin garin Kaduna, a gano hannu nawa yake bi, kuma nawa kowane hannu yake ci. Kun tuna gardamar da ta jawo shi: manoman cikinmu na cewa dillalai ke shan jininsu, 'yan kasuwar cikinmu na rantsuwar ba sa samun komai. Kwamiti ya zaɓi farar masara kaɗai, a lokacin kaka kaɗai, ta hanya ɗaya: daga ƙauyukan Lere zuwa kasuwar Saminaka, daga nan zuwa Kaduna. Wasu sun so a haɗa da dawa da waken soya, a leƙa Giwa da Soba da Pambeguwa. Mun ƙi, domin kowane hatsi da kowace hanya da nata lissafin, in aka cakuɗa su ba abin da zai fito sai ruɗani.

Mun fara da zana taswirar hannuwan. Manomi yana sayar wa ɗan sari a ƙauye. Ɗan sari ya tara buhuna ya kai babbar kasuwa, inda dillali ke haɗa shi da babban ɗan kasuwa mai lodin tirela. Daga nan hanya ta rabu: wata masarar ta tafi kamfanonin abincin kaji, irin babban kamfanin Olam da aka buɗe a Chikun a 2017, wata ta nufi Dawanau ta Kano ko Kudu, wata kuma ta shigo kasuwannin Kaduna wajen masu awo. Mu reshen ƙarshen nan muka bi. Abin lura a taswirar shi ne raba waɗanda ke mallakar masarar da waɗanda ake biya ladan aiki. Dillali ba ya sayen buhu, la'ada yake karɓa. Haka ɗan dako, direba, da mai ɗinkin buhu. Duk abin da suka karɓa ɗawainiya ce a kan mai kaya, ba a lissafa su cikin masu cin ribar saye da sayarwa.

Farashi yana motsi daga kasuwa zuwa kasuwa, don haka lambobin da ke tafe misali ne da aka daidaita domin lissafin ya fito fili. A ce manomi ya sayar da buhu naira 40,000, ɗan sari ya sayar a Saminaka 44,000, babban ɗan kasuwa ya sauke a Kaduna 50,000, mai awo kuma ya auna mudu 80 a kan 700, ya tashi da 56,000. Manomi ya samu kusan kashi 71 cikin ɗari na kuɗin da mai tuwo ya biya. Ragowar 16,000 ita ce ake ta faɗa a kanta, kuma yawancinmu mun ɗauke ta riba ce zalla.

Ga yadda ta kasu. Ɗan sari yana da tazarar 4,000. Buhu da ɗinki 700, mota daga ƙauye 1,200, dako 400, la'ada 500, harajin kasuwa 200. An ci 3,000, saura 1,000. Babban ɗan kasuwa yana da tazarar 6,000. Kuɗin mota 2,000, lodi da saukewa 600, la'ada 500, rasit da abin da ake miƙawa a hanya 400. Sai kuma asarar da ba ta da rasit, wato bushewa. Masarar farkon kaka takan zo da sauran danshi. In an saye ta da danshi kashi 16 ta bushe ta koma kashi 13, wanda shi ne daidai ajiya, kilo 100 zai dawo kusan kilo 96 da rabi. Sai ya cika buhun daga wani, wanda ya kai kimanin 1,700. Abin da ya rage masa 800 ne. Mai awo kuma daga tasa 6,000 zai fitar da dako da keke 800, kuɗin rumfa da haraji 500, sannan ƙaiƙayi da tsakuwa da gyaran da yake yi wa masu saye su cinye kamar mudu biyu, 1,400. Ya tsira da 3,300. In aka tara, 10,900 daga cikin 16,000 ɗawainiya ce, ribar hannu uku 5,100.

Wanda ya tsaya a nan zai ce mai awo ne ya fi kowa ci. Amma mai awo yana iya shafe mako bai ƙarar da buhu biyu ba, ribarsa ta mako ba ta kai 7,000 ba. Tirela kuwa tana ɗaukar buhu 300, don haka 800 ɗin nan ta zama 240,000 a lodi guda. Sai dai shi ma babban ɗan kasuwar ya zuba jarin sama da miliyan 13 kafin ya same ta, ribar ba ta kai kashi 2 cikin ɗari ba, kuma in farashi ya sauka da naira 1,000 kafin motar ta iso Kaduna, ya faɗi. Shi ya sa a kowane hannu muka rubuta abu uku tare: riba a buhu, yawan buhunan da ke wucewa, da tsawon lokacin da kuɗi ke kwance.

Abin da ya fi ɗaga hankalin kwamiti bai fito daga baki ba, sikeli ne ya fito da shi. A ƙauye da tiya ake cika buhu, a tula ta har tana zuba, a kuma dinga dannawa. Buhun da ake kira na kilo 100 sai a same shi 105. Ɗan sari ya zazzage ya sake ɗurawa daidai ɗari, kowane buhu ashirin ya haifar masa da guda. Kilo biyar a farashin Saminaka 2,200 ne, ya ninka ribar da yake faɗa da baki har da ɗoriya. Manomi kuwa ashe kilo ɗarinsa a kan kusan 38,100 ya sayar, kasonsa ya sauko zuwa kashi 68. Duk lissafin da bai mayar da buhu da tiya da mudu zuwa kilo ba, ba zai ga wannan ba. Alamar da ake gane an yi wannan tuntuɓen ita ce a ji ɗan kasuwa yana kawo lambobin da ke nuna kullum asara yake yi, alhali shekara da shekaru bai bar sana'ar ba.

Taron da muka kira domin karanta wannan sakamako shi ne abin alfaharin shekarar nan, kuma wanda bai zo ba ya yi wa kansa. Zauren ya cika har waje. Manoma sun zo daga ƙauyuka, 'yan sari da dillalai sun zo, direbobi biyu sun ajiye motocinsu sun zauna, mata masu awo da masu ƙosai da koko suka cika gefe guda, wani malamin gona ya jagoranci zaman. Aka kafa allo, aka rubuta lambobin hannu-hannu, aka ce duk wanda ya ga ƙarya ya tashi ya gyara. Wani direba ya ce kuɗin motar da muka sa ya yi kaɗan, tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 komai na hanya ya tashi, kuma da damina ƙauyen da mota ba ta shiga sai an biya babur. Aka ƙara masa layi. Wata Hajiya mai awo ta ce, "Malam Sakatare, kun manta bashi. Rabin masu sayena sai ƙarshen wata." Aka rubuta. Da aka zo batun buhu mai tozo, sai aka ɗora buhun da wani memba ya kawo a kan sikeli a gaban kowa. Wani dattijo ɗan sari ya miƙe ya ce gaskiya ne, amma shi ma yana sayen masara mai danshi da datti, ƙarin ne ke rufe masa. Manoma suka ce to a auna nauyi, a auna danshi, kowa ya ci halaliyarsa. A kan haka aka tashi, bayan an ci tuwon masara da miyar kuka da matan ƙungiya suka girka da kuɗin aljihunsu. Allah Ya saka musu da alheri.

Sai abin da bai kammala ba, kuma na san za a tambaya. Ba mu sayi sikelin ƙungiya da na'urar gwada danshi ba. Sikelin da aka yi aiki da shi aro ne, an mayar. Kuɗin da aka ware musu daga kuɗin wata ne, kuɗin watan kuma kun ji labarinsa. Ba mu kuma fitar da ribar manomi ba. Naira 40,000 ɗin nan ba riba ba ce, sai an cire iri, taki, maganin ciyawa, huɗa, girbi da casa. An raba wa membobi takardar da za su riƙa rubuta abin da suka kashe a gona, waɗanda suka dawo da ita a cike ba su isa a gina lissafi a kansu ba. Kwamiti ba zai zauna ya ƙirƙiro wa mutum kuɗin takinsa ba.

Ɓangaren ajiya ma yana nan buɗe. Masu cewa ƙungiya ta sayi masara da kaka ta ɓoye zuwa bazara su tuna cewa a 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da masara da wasu kayan abinci na kwana 150, kuma a 2025 farashi ya sauko, masu sito da yawa suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Kafin mu sa kuɗin jama'a a ciki dole a lissafa hayar sito, maganin ƙwari, raguwar nauyi da kuɗin da zai kwanta wata shida. Wannan yana buƙatar wanda zai riƙa rubuta farashi kowace ranar kasuwa tsawon shekara. Mutum uku suka ɗaga hannu a babban taro, ɗaya ne ya riƙe alkawari.

Kwamiti yana neman amincewar taro a kan abu biyu: a sayi sikeli kafin kaka mai zuwa, sannan duk wanda ake bi kuɗin wata shida a dakatar da sunansa daga rabon taki har sai ya biya. Littafin bashi yana wajen ma'aji, kowa yana iya zuwa ya duba nasa kafin a karanta sunaye.

Wassalam.

Sakataren Ƙungiya, Kaduna