Mutum huɗu, minti uku: wa zan fara kira?

Assalamu alaikum Malama,

Ina cikin kwamitin shirya wani taron ƙara wa juna sani, kuma ni aka ɗora wa gabatar da zaman tattaunawa kan samar da ruwan sha a birane. Zaman na awa ɗaya ne. Ni minti uku aka ware mini, daga nan sai in miƙa wa jagorar tattaunawa, wadda 'yar jarida ce. Masu magana huɗu ne: babban jami'in gwamnati mai kula da manufofin ruwa, farfesa mai bincike a fannin, injiniya mai kula da matatar ruwa, da wata matashiya mai ƙaramin kamfanin gyaran famfuna.

Matsalar farko ita ce tsawon bayanai. Kowannensu ya turo tarihin aikinsa mai kalmomi kusan 300. Idan aka haɗa, kalmomi 1,200 ke nan, kuma mai magana a natse ba ya wuce kalmomi 130 a minti. Ke nan karanta su kawai zai ci fiye da minti tara. Na san dole in rage, amma ina tsoron in yanke abin da mai shi yake ganin shi ne ƙimarsa.

Ta biyu ta fi damuna. Kwamiti ya rabu kan wanda za a fara kira. Wasu sun ce a bi muƙami, jami'in gwamnati ya fara. Jagorar kuma tana son injiniya ya fara magana, domin shi ne zai bayyana halin da matatar ke ciki kafin a shiga batun manufofi. Takardar shirin taro kuwa ta jera su bisa haruffan sunayensu. Jeri uku ke nan, ba wanda ya dace da ɗan'uwansa.

Sannan yaya zan miƙa wa jagorar ba tare da an yi shirun nan da kowa ke kallon kowa ba, kuma ba tare da ta sake maimaita abin da na faɗa ba? Ina neman shawararki.

Naki,
Ɗan kwamitin shirya taro

Wa alaikumus salam Malam,

Ka fara da jeri, domin shi ne tushen sauran. A kan dandamali jeri ɗaya ake so: yadda suka zauna, haka za ka gabatar da su, haka kuma za su fara magana. Idan ka kira na kujera ta uku, sannan na ta ɗaya, sannan na ta huɗu, idanun jama'a za su riƙa yawo, kuma a ƙarshe da yawa ba za su iya haɗa suna da fuska ba. Tunda jagorar ce za ta riƙe zaman, jerinta za a bi. Ta zauna a kujerar gefe ɗaya inda za ta ga dukkansu da juyi guda, injiniya kusa da ita, sauran su biyo yadda za ta kira su.

Masu batun muƙami ba su yi kuskure ba, girmamawa suke nema, kuma akwai hanyar ba da ita. Ka faɗi ƙa'idarka a fili kafin ka kira suna ko ɗaya: "Zan gabatar da su bisa yadda suke zaune, daga kusa da jagorarmu." Da zarar an ji haka, ba wanda zai ɗauki jerin a matsayin awon daraja. Ina ba da shawara a sa jami'in gwamnati a ƙarshe, kuma a sanar da ofishinsa tun kafin ranar cewa an yi haka ne domin ya ji kowa sannan ya amsa. Abin da ke ɓata rai shi ne mutum ya tarar da tsarin a kan dandamali ba a faɗa masa ba. Kada kuma ka ce "daga hagu zuwa dama", domin hagunka daman jama'a ne.

Minti ukun nan ka raba su haka: daƙiƙa 20 na gaisuwa da batun zama, daƙiƙa 30 ga kowane mai magana, wato minti biyu, sai daƙiƙa 25 na gabatar da jagora da miƙawa. Ragowar daƙiƙa 15 na tafin jama'a ne. Daƙiƙa 30 kalmomi 60 ne zuwa 65, kuma abu uku suke ɗauka: suna da laƙabi, aikin da mutum yake yi yanzu, da dalilin da ya sa yake kan wannan kujera yau. Na ukun ne ake yawan mantawa, alhali shi jama'a suka fi bukata. Misali: "Injiniya Wane shi ke kula da matatar ruwa. Duk safiya shi ke yanke shawarar unguwar da za a buɗe wa ruwa da wadda za ta jira, don haka zai faɗa mana inda ruwa ke ɓacewa tsakanin matata da famfo." Digirorinsa da lambobin yabonsa suna cikin takardar shiri, mai so zai karanta.

Ka kula da daidaito sosai. Idan farfesa ya samu minti ɗaya, matashiyar ta samu jimla ɗaya, ka riga ka gaya wa zauren wanda za su saurara da wanda za su yi wa uzuri. Haka ma idan ka kira uku da laƙabi, ita ka kira ta da sunan yanka. Ka tura wa kowa gajeren bayaninsa kwana biyu kafin taro ya amince, wannan zai kawar da tsoron da ka ambata. Da safen ranar ka tambayi kowa yadda ake furta sunansa, ka rubuta yadda kunnenka ya ji, ka kuma tabbatar muƙaminsa bai canza ba.

Idan suna zaune kafin ka fara, ka fara da sunan mutum, domin jama'a su san wanda za su kalla. Idan kuwa ɗaya bayan ɗaya za su hau, sunan ya zo ƙarshe, domin shi ne alamar tasowa. Na fi son su zauna tun farko, kuma ka roƙi a riƙe tafi sai an kammala, domin hawa huɗu da tafi huɗu kan cinye minti guda. Wanda bai iso ba, a ɗauke kujerarsa da katin sunansa, jagora ta gabatar da shi in ya zo.

Miƙawa kuwa a bayan fage ake shirya ta. Ku zauna da jagorar minti biyar ku raba aiki: kai ne mai gabatar da mutane, ita ce mai faɗin tsawon maganar kowa da lokacin tambayoyin jama'a. Kada ka yi tambayar farko, kada ka faɗi ra'ayinka kan batun. Ka gaya mata ainihin jimlarka ta ƙarshe, kuma sunanta ya zama kalmar ƙarshe a ciki: "Wadda za ta jagoranci wannan tattaunawa ita ce Malama Wance." Ka juya ka dube ta, ka yi shiru. Ita kuma ta fara da godiya ta kalma biyu, sai tambayar farko ga injiniya. A tabbatar makirfonta a kunne yake kafin ka kai wannan jimla, domin yawancin shirun da kake tsoro daga nan yake fitowa. Idan makirfo ɗaya kuke rabawa, ka tsaya kusa da kujerarta tun farko, ka miƙa mata shi a kunne, ka sauka ta wannan gefen ba tare da ka gitta gaban masu magana ba.