Baƙonku na daren Laraba ya ɓata mini aikin shekara tara

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ban taɓa rubuto muku wasiƙa ba sai yau, kuma da ɓacin rai nake rubutawa. Baƙon nan da kuka kawo a shirinku na rediyo daren Laraba ya ce duk wanda yake shakkar yadda ake rubuta kalmar aro, ya buga ta a intanet ya ga wadda ta fi yawa, ita ce daidai. Ya ƙara da cewa a bar “bank” yadda masu ita suka rubuta ta, wai ƙara mata wasali ƙauyanci ne. Mai gabatarwa kuwa sai “haka ne, haka ne” yake yi, ko tambaya ɗaya bai yi masa ba.

Ni tafinta ne a nan Makka. Shekara tara ke nan ni nake rubuta sanarwar da ake mannawa a masaukin alhazai, ina kuma duba wadda yaran aikinmu suka rubuta. Yaran nan Hausawa ne, amma a nan aka haife su, Larabci suka yi a makaranta, Hausar kuwa a bakin iyaye suka tsince ta. Washegarin shirinku ɗaya daga cikinsu ya tare ni da murmushi ya ce, “Baba, ka ji rediyo ta ce mu ne da gaskiya.”

Bari in gaya muku irin gaskiyar. A aikin Hajjin da ya wuce, shi wannan yaron ya manna takarda a bakin matakala, ga abin da ya rubuta: “Sarraf na bank yana dor na ƙasa. Wanda jawwal ɗinsa ya ɓata ya zo maktab.” Wani dattijo daga ƙasar Katsina ya sa jikansa ya karanta masa, sai ya zo ya same ni hankali a tashe yana cewa, “Malam, wane Auwal ne ya ɓata? Ɗan jirginmu ne?” Na cire takardar na sake rubutawa: “Na'urar cirar kuɗi ta banki tana hawan ƙasa. Wanda wayarsa ta ɓata ya zo ofis.” Babu wanda ya sake tambayata. Ku lura, banki da waya da ofis duk aro ne su ma, daga Turanci. Sai dai sun riga sun kwana a bakin Bahaushe, jawwal da maktab kuwa iyakarsu mu da ke zaune a nan.

Da baƙonku ya san aikin, da ya koya wa mutane gwajin da ba ya cin minti ɗaya. Ka ɗauki kalmar ka liƙa mata mallaka, sannan ka nemi jam'inta. Bahaushe yana cewa bankina, bankin manoma, bankuna. Wancan wasalin da aka kira ƙauyanci shi ne ƙugiyar da ake rataya sauran a jikinta, in ka cire shi sai ka koma “bank ɗina”, kamar yadda yaron ya yi da “jawwal ɗinsa”. Duk kalmar da ba ta tsayawa sai da “ɗin”, to baƙuwa ce har yanzu, a fara neman ko akwai 'yar gida. Haka waya: wayata, wayar Hajiya, wayoyi. Ta fito ne daga sunan zaren ƙarfen nan na Turawa tun zamanin tangaraho, shi ya sa muke da gidan waya, daga baya aka sami wayar tarho, yanzu wayar salula ko wayar hannu. Na sani akwai irin su ofis da tebur da fensir da suke ƙarewa da baƙi, amma su ma da ka taɓa su wasalin zai fito: ofishin shugaba, ofisoshi, teburin malam.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da baƙon naku ya ce makaranta gurɓatacciyar “madarasa” ce. Subhanallahi! Makaranta ginin Hausa ce tsantsa, wurin da ake karantawa, kamar yadda maƙera take wurin ƙira, ma'aikata wurin aiki, mahauta inda ake fawa. Tushen karatu ne ya fito daga Larabci, wannan gaskiya ne, amma ba daga kalmar da ya ambata ba. Kuma a nan ma akwai darasi ga masu cewa a bi Larabci ido rufe. Karatu da ƙira'a tushensu ɗaya, amma ɗaya da k ake rubuta ta, ɗaya da ƙ. Alƙalami da alƙibla suna da lanƙwasa, kabari ba shi da ita, alhali harafi ɗaya ne a Larabci. Mu kuma a nan Hijaz, da 'yan'uwanmu na Sudan, wannan harafin da g ake furta shi a magana ta yau da kullum, don haka yaranmu suke rubuto mini “algibla” da “galam”. To wane Larabcin za a bi? Ko kuma mu koma mu gyara alwala da farilla da alƙali, tunda lamin da ke ƙarshensu ba lam ba ne a Larabci? Kakanninmu da suka haddace Alƙur'ani sun san asalin sarai, amma suka bar wa Hausa bakinta.

Batun ƙirga yawa a intanet kuwa, ai yawancin masu rubutu a waya ba sa sa lanƙwasa, ko don ba su saita madannan ba ko don gaggawa. In yawa ne hujja, to “alkali” ta kayar da alƙali, “dalibi” ta kayar da ɗalibi, ƙasa da kasa sun zama abu ɗaya. Ni in na yi shakka, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero nake buɗewa, wanda ya fito a 2006. Wani alhaji ne ya kawo mini shi tsaraba, bangonsa har ya rabu na ɗaure da salatif. In tsohuwar kalma ce nakan leƙa na Bargery na 1934, amma ba na neman salula a cikinsa, don an rubuta shi tun ba a yi ta ba. In duka biyun ba su da ita, sai in sami tsohuwa daga cikin alhazai, wadda ba ta yi boko ba kuma ba ta jin Larabci, in sa ta faɗi kalmar a cikin zance, in rubuta abin da na ji. Me zai hana ku kira malami daga sashen Hausa na kowace jami'a ya warware wannan a mako mai zuwa? Ba su yi muku nisa ba, mu ne muke nesa.

Sannan tunda na ɗauki alƙalami, wa ya ba ku shawarar mayar da maimaicin shirin zuwa ƙarfe huɗu na yamma agogon Najeriya? Mu a nan shida ta yi, ana shirin Magariba, kowa ya nufi Harami ko masallacin unguwa. Sau uku kuma ina aiko da gaisuwa ga ƙanwata a filin zaɓi-sonka ba a karanta ba, amma na mutanen Kano har maimaitawa ake yi.

Yaron nan dai na hana shi manna kowace takarda sai na gani, yana ta fushi da ni, yana cewa rediyo ta fi ni sani.

Naku mai sauraro,
Wani tafinta, unguwar Misfala, Makka.