Kada a matse bidiyo sau biyu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na karanta shawarar da aka ba masu tace bidiyo a shafinku na fasaha, cewa su rage nauyin fayil sosai kafin su ɗora shi a kafafen sada zumunta. Ni tace fim ce sana'ata, kuma ina ganin shawarar nan za ta ɓata wa mutane aiki.

Hoton 1920x1080 mai firem 25 a daƙiƙa, idan ba a matse shi ba, yana cin sama da megabit 600 duk daƙiƙa. Kodek, wato tsarin matse bidiyo, irin H.264 shi ke zubar da abin da yake zaton ido ba zai lura ba, ya ajiye cikakken firem jefi-jefi, sauran kuma ya rubuta abin da ya canza kawai. Bitiret shi ne adadin megabit ɗin da ka ba shi ya yi wannan aiki a kowace daƙiƙa. Abin da ya zubar kuwa ya tafi ke nan.

To ga inda gizo ke saƙar: YouTube da sauran kafafen ba fayil ɗinka suke nuna wa jama'a ba. Suna karɓa ne su sake matse shi da nasu tsarin. Idan ka riga ka matse shi iya matsewa, an yi fotokwafin fotokwafi.

A ɗauki tallar fim mai minti 3 da aka ƙuntata ta koma megabayit 30. Bayit ɗaya bit 8 ne, saboda haka megabit 240 ke nan a raba wa daƙiƙa 180, wato abin da bai kai megabit ɗaya da rabi ba a daƙiƙa. YouTube kuwa megabit 8 yake ba da shawara ga 1080p, wato hoton 1920x1080, mai firem 24 zuwa 30, wanda zai sa tallar ta kai megabayit 180. Ni nakan ɗan ɗara, in sa 12 zuwa 15 idan akwai motsi da yawa. Za a ce data za ta tafi, haka ne, amma sau ɗaya ake ɗorawa.

Ɓarnar ba ta cika fitowa a fuskar mutum yana zaune cikin haske yana magana ba, shi ya sa mai tacewa yake ruɗuwa. A je wurin da aka ɗauka da dare, a tsayar da hoton, a dubi bangon da ke bayan ɗan wasa. Za a ga duhun ya tsattsage ya zama 'yan murabba'ai, da an saki hoton kuma su yi ta motsi alhali bangon na tsaye. A dubi hasken fitila inda yake dusashewa: maimakon ya narke a hankali, sai ya fito zobe-zobe. Ruwan sama, hayaƙi da ganyen da iska ke kaɗawa su ma suna tona asiri, domin kusan kowane ɗigon hoto yana canzawa, kodek bai da abin da zai aro daga firem ɗin baya. Maganin shi ne a zaɓi VBR, 2 pass wajen fitarwa, wato bitiret mai canzawa a zagaye biyu. Zagayen farko manhaja tana nazarin fim ɗin ne, a na biyu ta rage wa wuraren da ba motsi ta ƙara wa masu wahala. A bar adadin firem yadda aka ɗauka.

Abin da ya fi damuna ma shi ne a kwashi wannan matsattsen fayil ɗin na intanet a miƙa wa gidan talabijin ko sinima. Kowace tasha tana da takardar ƙa'idojinta, a nema tun kafin a fitar. Da yawa suna karɓar kodek XDCAM HD422 mai megabit 50 a daƙiƙa a cikin fayil nau'in MXF, masu bin ƙa'idar EBU R128 kuma suna son ƙarfin sauti a -23 LUFS. Sinima DCP take so, wato kunshin fayilolin fim na haskawa a sinima, inda ake matse kowane firem shi kaɗai da JPEG 2000, har zuwa megabit 250 a daƙiƙa, galibi a firem 24. Wanda ya ɗauka a 25 ya sassauta zuwa 24, fim mai minti 100 zai koma kusan 104, dole sautin ma a ja shi daidai, in ba haka ba murya ta riga baki. Murabba'an da waya ke ɓoyewa kuwa, a allon sinima ko na kujerar baya zai gan su.

Don haka ina roƙon a gyara shawarar: a fara fitar da uwar fayil a kodek mara matsewa sosai, ProRes 422 HQ ko DNxHR, a adana, daga ita a ciro na intanet, na talabijin da na sinima, kowanne daban. Kafin a ɗora duka, a yanko minti ɗaya daga wurin da ya fi duhu, a ɗora shi a ɓoye, a jira kafar ta gama sarrafa shi, sannan a duba a waya da babban allo.

Na gode.

Naku,
Wani mai tace fim