"Allah ya maimaita" ba addu'ar gidan biki ba ce

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina da ɗan gyara ga yaronku mai karanta saƙonnin gaishe-gaishe da yamma, kuma ba don in tsinka shi nake rubutowa ba, domin muryarsa na yi mini daɗi.

Makonni biyu da suka wuce aka ɗaura auren 'yar ƙanwata a nan Zariya. 'Yan'uwanta suka aiko muku da saƙon taya murna, muka kewaye rediyo a tsakar gida muna jira. Ya karanta sunan ango da amarya daidai, sai ya rufe da cewa, "Allah ya maimaita mana." Abokan ango da ke zaure suka fashe da dariya. Uwar amarya kuwa ta ce "A'uzubillahi" ta shige ɗaki.

Wannan addu'a ta Sallah ce. Ana cewa "Barka da Sallah, Allah ya karɓi ibada, Allah ya maimaita mana," saboda Sallah abu ce mai zagayowa, kuma kowa na fatan ya ga ta baɗi da ransa da lafiyarsa. To aure fa, ta yaya zai maimaitu? Ga ango, sai dai ya ƙaro wata, shi ya sa abokansa ke faɗin haka da gangan don tsokana. Ga amarya kuwa, ba za a sake ɗaura mata aure ba sai wannan ya mutu ko mijin ya rasu. Ka ga ashe a kunnen uwarta, saki ko takaba aka roƙa wa 'yarta tun ba a kai ta ɗaki ba.

Abin da ake cewa ga ango da amarya shi ne "Allah ya sanya alheri, Allah ya ba da zaman lafiya, ya kaɗe fitina." Wanda ke son lafazin da ya zo a hadisi sai ya roƙa musu Allah ya yi albarka, ya haɗa su cikin alheri. Iyaye kuma gaisuwarsu daban: "Barka da arziki, sannunku da hidima, Allah ya sa gidan zamanta ne." Tsofaffi mata kan ƙara da "Allah ya kawo ƙazantar ɗaki." Na taɓa ganin wata amarya 'yar boko ta ɓata fuska da jin wannan, ta ɗauka ana yi mata fatan zama ƙazama. 'Ya'ya ake nufi, domin su ne ke ɓata ɗakin amarya da fitsari da tumbuɗi, kuma kunya ce ta hana a ambaci haihuwa ƙuru-ƙuru a gaban yarinyar da jiya-jiya aka sa a lalle.

Inda mutane suka fi yin tuntuɓe shi ne wajen uwargida idan miji ya ƙara aure. Ba a shiga mata da guɗa da "barka." Ana sassauta murya a ce, "Ashe an yi miki ƙanwa, Allah ya haɗa kanku, ya ba ki haƙuri da girman da ya hau kanki." Ko ta amsa da fara'a, kada ka zarce.

Tunda yaron naku yana karanta saƙonnin suna ma, bari in taɓa wannan kaɗan. Kafin ranar suna, wato kwana 7 da haihuwa, barka ake zuwa: "Barka da sauka lafiya, Allah ya raya, ya ba mai jego lafiyar shayarwa." Mata kan tambaye ta, "Ya ruwan zafi?" saboda wankan jego da take yi. Ranar suna, idan an yi wa kaka ko wani babba takwara, sai a ce "Allah ya sa ya ɗauko halin mai sunan." A nan ne nake roƙon a riƙa lura: idan saƙo ya zo da suna da laƙabi, kamar Abba ko Ummi, an sakaya sunan ne saboda na suruki ne ko na mahaifi, kuma akwai waɗanda ke gidan da ba za su iya furta shi ba. A faɗi sunan yanka sau ɗaya, a ci gaba da laƙabin. Haka kuma idan ɗan fari ne ka yi wa uwar addu'a ta sunkuyar da kai ba ta ce amin ba, ba raini ba ne, alkunya ce. Kakar yaron ce za ta amsa maka.

Ita ƙanwar tawa ta huce, amma ta ce in gaya muku idan Allah ya kawo ƙaruwa za ta sake aiko da saƙo, kuma da kanta za ta rubuto addu'ar da za a karanta.

Taku mai saurare kullum,
wata uwa daga Tudun Wada, Zariya