Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 ga Mambobi: Ma'aunin da Muka Auna Sassan Kasuwancinmu da Shi

Assalamu alaikum, ya ku iyayenmu dattawan ƙungiya da sauran 'yan uwa mambobi. Wannan shi ne rahoton kwamitin gudanarwa na ƙungiyarmu ta gama kai da ke Gombe, daga watan Janairu zuwa Disambar 2025. An yi taron kwamiti a kowane wata, kuma mai binciken kuɗi ya duba littattafanmu ya sa hannu. Sai dai aikin da ya fi cin lokacin kwamiti a bana shi ne sauya ma'aunin da muke auna sassan kasuwancinmu guda uku da shi, kuma a kansa rahoton zai tsaya, domin shi ne zai shafi tukwicin manajoji da irin kayan aikin da za a saya da kuɗinku.

Tun da aka raba kasuwancin ƙungiya zuwa sassa, muna auna kowane manaja ne da kason riba a kan jari, wato a raba ribar da sashensa ya samu a shekara da jarin da aka damƙa masa. Tsohon ma'auni ne, kamfanin DuPont na Amurka ya yi fice da shi tun farkon ƙarni na 20, kuma ya karɓu saboda sauƙinsa: kowa ya gane idan aka ce naira 100 ta haifi naira 40. Ma'auni na biyu, wanda muke kira rarar riba, kamfanin General Electric ne ya yaɗa shi a shekarun 1950. A nan ƙungiya ce take gindaya mafi ƙarancin kason da ta yarda jarinta ya kawo, sai a lissafa wannan kaso a kan jarin sashe, a cire daga ribarsa, abin da ya saura shi ne rarar. A takardar da akanta zai raba, an rubuta su kamar haka, inda ROI ke nufin kason riba a kan jari, RI kuma rarar riba:

```
ROI = riba / jari
RI  = riba - (kaso x jari)
```

Kason da kwamiti ya gindaya a zamansa na watan Yuli shi ne 25 cikin 100. Mun ɗauki sukuk na Gwamnatin Tarayya, wato takardar zuba jari marar kuɗin ruwa, a matsayin madubi, tun da yawancin mambobi ba za su amince a kwatanta da bashin ruwa ba. Wanda aka fitar a watan Mayun 2025 yana biyan kashi 19.75 cikin 100 a shekara, kuma mai shi yana zaune a gida, ba ya fargabar lalacewar inji ko faɗuwar farashin buhu. Idan kuɗin mambobi zai iya kawo kusan kashi 20 ba tare da wahala ba, to kasuwancin da ke da kasada dole ya kawo fiye da haka, shi ya sa aka ɗora kusan kashi 5 a kai.

Ga abin da sassan suka samu. Sashen casar shinkafa na Dadin Kowa ya juya jarin naira miliyan 40 ya samu ribar miliyan 16, wato kashi 40 cikin 100. Kason da aka gindaya a kan jarinsa miliyan 10 ne, saboda haka rararsa miliyan 6. Sashen matsar man gyaɗa na cikin garin Gombe ya juya miliyan 100 ya samu miliyan 32, wato kashi 32, kuma bayan cire miliyan 25 ya bar rarar miliyan 7. Sashen sufuri kuwa ya samu miliyan 6 a kan jarin miliyan 30, wato kashi 20. Da yake abin da ake bukata daga gare shi miliyan 7.5 ne, ya gaza da miliyan 1.5, duk da cewa a littafi bai yi asara ba. Ribar da aka ambata ita ce bayan cire raguwar darajar injina da motoci, amma kafin a raba kuɗin gudanar da babban ofis, domin ba adalci ba ne a tuhumi manaja da kashe kuɗin da ba shi da ta cewa a kansa. Jarin kuma matsakaicin watanni 12 ne. Mun guji lissafin ranar ƙarshe ta shekara, saboda a watan Disamba rumbunan sashen mai cike suke da gyaɗar kaka, a tsakiyar damina kuma kusan wayam, don haka rana ɗaya ba ta nuna gaskiyar kuɗin da ke hannunsa.

Abin da ya sa muka sake duba ma'aunin ya faru ne a watan Maris. An kawo shawarar sayen injin busar da shanshera tare da na tsince tsakuwa a kan naira miliyan 20, kuma lissafin akanta ya nuna za su ƙara ribar miliyan 6 a shekara, saboda raguwar karyayyar shinkafa da kuma ci gaba da aiki a lokacin damina, lokacin da shanya a ƙasa take gagara. Wannan kashi 30 ne cikin 100, ya haura abin da ƙungiya take nema. Amma manajan sashen bai goyi baya ba, kuma da muka zauna da alƙalami sai muka ga dalilinsa. Idan aka sayi injinan, ribarsa za ta zama miliyan 22 a kan jarin miliyan 60, wato kason da ake auna shi da shi zai sauko daga 40 zuwa 36.7, tukwicinsa na ƙarshen shekara kuma ya ragu. Kwamiti bai ga laifinsa ba, domin mu ne muka ce da wannan kaso za a saka masa. Da rarar riba aka auna shi, da amsar ta bambanta: miliyan 22 a cire miliyan 15 ya bar miliyan 7, ƙarin miliyan 1 ke nan a kan rarar da yake da ita, kuma da shi da ƙungiya duk sun amfana.

A watan Yuni sai ga kishiyar wannan daga sashen sufuri, inda aka nemi a sayi ƙarin babbar mota ta hannu a kan miliyan 20, wadda za ta kawo miliyan 4.4 a shekara, wato kashi 22. Ga manajan sufuri wannan ci gaba ne, tun da kasonsa zai tashi daga 20 zuwa 20.8. Ga ƙungiya kuwa koma baya ne, domin motar za ta riƙe jarin da ya kamata ya kawo miliyan 5, giɓin sashen kuma zai faɗaɗa daga miliyan 1.5 zuwa miliyan 2.1. Cikin wata huɗu, ma'auni ɗaya ya sa manajan da ke kan gaba ya ƙi abin da zai amfane mu, ya kuma sa wanda ke baya ya nemi abin da zai rage mu. Tushen matsalar shi ne kowane manaja yana kwatanta sabon aiki da kason sashensa na yanzu, alhali abin da ya kamata ya kwatanta da shi shi ne kason da ƙungiya take bukata.

Duk da haka, ba mu so mambobi su ɗauka cewa rarar riba ba ta da nata aibin. Ita adadin naira ce, kuma babban sashe yakan fi ƙarami rara ko da manajansa bai fi ƙwazo ba. Sashen mai ya fi na shinkafa da miliyan 1 kacal, bayan ya riƙe jarin da ya ninka nasa sau biyu da rabi, saboda haka ba daidai ba ne a ce ya zo na ɗaya. Haka kuma sakamakon yana rataye ne a kan kason da muka zaɓa da hannunmu. Ma'aji ya gwada kashi 30 a maimakon 25, sai rarar shinkafa ta zama miliyan 4, ta mai ta faɗo zuwa miliyan 2, injin busarwa kuma ya tashi ba riba ba asara. Wasu dattawa a kwamiti sun ba da shawarar a ɗora wa sufuri kaso mafi girma saboda haɗarin hanya da tsadar gas. Shawara ce mai ma'ana, kuma rarar riba tana ba da damar yin haka, amma mun jinkirta ta har sai an ga shekara guda da kaso ɗaya.

Akwai kuma cutar da ta kama ma'aunan biyu gaba ɗaya, kuma a ganin kwamiti ita ce ta fi haɗari. Injin casa na Dadin Kowa an saye shi ne a 2019, kafin a saki farashin naira a kasuwar canji a watan Yunin 2023, kuma kowace shekara akanta yana rage darajarsa a littafi. Jarin yana ƙanƙancewa a takarda, ribar kuwa da kuɗin yau ake ƙirga ta, don haka kason sashen yana hawa ko da ba a ƙara buhu ɗaya ba. Mun nemi masu sayar da injina su kimanta irinsa a farashin yanzu, aka rage tsufansa, sai jarin sashen ya koma miliyan 56. A kan wannan adadi kasonsa 28.6 ne, rararsa kuma miliyan 2, kuma da an lissafa raguwar darajar injin a sabon farashi da ribar ma ta ƙara sauka. Alamar wannan cuta ba ta da wuyar ganewa: kason riba yana tashi shekara bayan shekara, buhunan da ake fitarwa suna nan yadda suke, kuɗin gyara kuma yana ƙaruwa. Duk ukun mun same su a littattafan sashen daga 2022 zuwa bana. Manajan da ake auna shi ta wannan hanya zai gwammace ya riƙa lallaɓa tsohon inji har ya tsaya cak a tsakiyar kaka.

Saboda haka kwamiti ya yanke cewa daga Janairun 2026 za a ɗora tukwicin kowane manaja a kan yadda rarar sashensa ta kasance idan aka kwatanta da abin da aka amince da shi a kasafin farkon shekara, ba tare da gwada shi da wani sashe ba. Ta haka manajan sufuri ma zai samu lada idan ya rage giɓinsa daga miliyan 1.5 zuwa rabin miliyan. Za a ci gaba da bayyana kason riba a kan jari a rahoto, domin da shi ne za mu iya kwatanta kanmu da masu irin sana'armu ko da girmanmu ya bambanta. Za kuma a riƙa sake kimanta injina da motoci duk bayan shekara biyu, a sake duba kashi 25 a farkon kowace shekara.

An ƙi amincewa da sayen motar. Batun injin busarwa da na tsince tsakuwa kuwa ya haura iyakar kuɗin da tsarin mulkinmu ya ba kwamiti ikon kashewa, shi ya sa za a gabatar da shi a babban taro domin ku kaɗa ƙuri'a. Muna sanar da ku cewa farashinsa ya tashi daga miliyan 20 zuwa miliyan 22 tun daga watan Maris, wanda ya sauko da kason da ake sa rai zuwa 27.3, rararsa kuma zuwa naira 500,000 a shekara. Idan farashin ya kai miliyan 24, rarar ta ƙare baki ɗaya, don haka kwamiti yana roƙon a yanke hukunci a wannan zama.